Kuɗinka na nan cif, amma ya rage: tsadar kaya da ajiyar mai ƙaramin ƙarfi

 Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako, mun rubuta shi domin wanda bai samu saurare ba, ko wanda yake son a sake karanta masa a tsanake.

Tambayar da muka ɗauka ita ce wannan: mutum ya sayar da bijimi, ya ƙirga kuɗinsa, ya ƙulle a akwati. Bayan shekara ya buɗe, ya sake ƙirgawa, ko dala ba ta ɓace ba. Amma ya je kasuwa, kuɗin sun kasa sayen abin da za su saya bara. To, wa ya ɗiba? Kuma ina ya kamata ya ajiye tun farko?

A ƙirga ajiya da tiya

Abin da masana ke kira hauhawar farashi shi ne kaya gaba ɗaya su riƙa tashi, shekara bayan shekara, ba abu ɗaya kaɗai ba. Hatsi, mai, kuɗin mota, magani, dusa, atamfa, duk su tashi tare. In haka ta faru, takardar kuɗin da ke hannunka ba ta canza ba, ƙarfinta ne ya ragu. Shi ya sa hanya mafi sauƙi ta sanin ko ajiyarka na nan ita ce ka ƙirga ta da tiya. Ranar da ka ajiye, tambayi kanka: kuɗin nan tiya nawa ta gero za su saya? Bayan shekara ka sake tambaya. Bambancin da ka gani shi ne abin da tsada ta ci.

Sai dai a nan akwai abin lura. Kowa ya san hatsi na araha da kaka, ya yi tsada da bazara har cikin damina, sannan ya sauko in sabo ya fito. Wannan hawa da saukar lokaci ne. In kana son ka gane hauhawar farashi ta gaskiya, ka gwada kaka da kaka, ko bazara da bazara. In farashin kakar bana ya fi na kakar bara, na bara kuma ya fi na bara waccan, ba tare da an yi fari ba, to kuɗin ne ke zaizayewa.

Bari mu sa lissafi. Hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta ce a watan Disamba na 2024 farashin kaya ya ɗara na Disambar 2023 da kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'ana, kayan da ka saya naira 100,000 bara, bana sai ka ba da 134,800. Wanda ya ɓoye naira 100,000 a gida tsawon wannan shekara, kuɗinsa sun koma suna sayen kayan da bara ake samu a wajen naira 74,000. Kwata ɗin ajiyarsa ya tafi ke nan, ba ɓarawo, ba gobara.

Ga wata dabarar lissafi da za ka iya yi da ka. Ɗauki 70 ka raba da yawan hauhawar farashin da ka ji an faɗa a rediyo. Abin da ya fito shi ne kusan yawan shekarun da ƙarfin kuɗinka zai koma rabi. In kashi 35 ne, wajen shekara biyu. In kashi 10 ne, shekara bakwai. In kashi 3 ne, sama da shekara ashirin. Ka ga ko ƙaramar hauhawa ma tana ci, sannu a hankali ne kawai, kamar gara a jikin azara.

Wani abu da ke rikita mutane: za ka ji an ce hauhawar farashi ta ragu, daga kashi 30 ta koma 20, sai ka je kasuwa ka tarar kaya sun ƙara tsada. Ba ƙarya aka yi maka ba. Gudun ne ya ragu, amma motar ba ta tsaya ba, balle ta koma baya. Kaya na ci gaba da tashi, da kashi 20 maimakon 30.

Naira da sefa ba tafiyarsu ɗaya ba

Mu mutanen bakin iyaka da aljihu biyu muke yawo, ɗaya naira, ɗaya sefa, don haka dole mu san halin kowane.

Sefa a ɗaure take da yuro. Tun 1999 yuro ɗaya sefa 655.957 ne, bai motsa ba. Babban bankin da ke buga ta, BCEAO, mai hedikwata a Dakar, burinsa hauhawar farashi ta tsaya tsakanin kashi 1 da 3 a shekara, kuma shekaru da yawa kusa da haka take zama. Naira kuwa a yanzu kasuwa ce ke yanke mata daraja. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, sannan cikin watan Yuni aka saki naira a kasuwar canji. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460, a farkon 2024 ta kai wajen 1,500. Mai ya yi tsada, kuɗin ɗaukar kaya ya tashi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi. A bakin iyaka mun gani da idonmu: jika ɗaya ta sefa da ake canzawa wajen naira 1,200 a farkon 2023, cikin 2024 ta haura 2,500. Wanda ya riƙe naira alhali cefanensa da sefa yake yi, rabin ajiyarsa ya narke.

To, sai a ce kowa ya mayar da kuɗinsa sefa a huta? A dakata. Dattawa na tune da Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya: faran ɗin Faransa ɗaya da yake sefa 50 ya koma 100. Kayan waje suka tashi nan take. A 2022 ma hauhawar farashi a ƙasashen sefa na yammacin Afirka ta kai kashi 7.4. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuwa, da aka rufe iyakokin Nijar aka sa takunkumi, shinkafa da mai da magani sun yi tsada ƙwarai, ko da yake sefar ba ta karye ba. Sefa ta fi naira zama wuri ɗaya, amma ba ta hana tsada in hanya ta toshe ko damina ta gaza.

Kuma canji kansa yana da kuɗi. Ɗan canji yana saye a farashi ɗaya, ya sayar a wani, bambancin shi ne abincinsa. Duk lokacin da ka juya naira zuwa sefa ka sake juyowa, sau biyu aka yanka. Wasu ma sun taɓa ƙonewa da caca da canji: a Fabrairun 2024 naira ta faɗi warwas, mutane suka ruga sayen kuɗin waje da tsada, sai ga shi a watan Afrilu ta farfaɗo har dala ta sauko wajen naira 1,100 na ɗan lokaci. Wanda buƙata ta tilasta wa sayarwa a lokacin ya yi asara.

Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce: ka ajiye kuɗi a irin kuɗin da za ka kashe su. In iyalinka na Ɗan Isa, hatsi da magani da sefa kake saye, to ajiyar gida ta zama sefa, kuma ka canza sau ɗaya. In jarinka na saro kaya ne a Dawanau ko Kantin Kwari, wannan jarin naira ne, kuma maganinsa shi ne kada ya kwanta, ya zama kaya da wuri.

Akwati, banki, waya da adashi

Ajiya na da maƙiya iri biyu. Akwai mai ɗauke ta gaba ɗaya rana ɗaya: ɓarawo, gobara, ɗan damfara, bankin da ya durƙushe. Akwai kuma mai cin ta kaɗan-kaɗan, wato tsada. Babu wuri ɗaya da ke tsare ka daga duka biyun, kuma wannan shi ne asalin maganarmu ta yau.

Ajiyar gida ba ta tsare ko ɗaya. Ban da ɓarawo da wuta da gara, akwai canjin takardun kuɗi. A watan Oktoba 2022 babban bankin Najeriya ya sanar da sauya takardun naira 200, 500 da 1,000, ya sa ƙarshen Janairun 2023 a matsayin wa'adi. Mutanen birni masu asusu sun sha wuya, balle makiyayin da ke daji ko ɗan kasuwar da ke tsallaken iyaka da tsofaffin takardu cike da jaka. Da yawa sun rabu da su a wulaƙance, kafin kotun ƙoli a watan Maris ta ce a ci gaba da karɓarsu. An yi irin wannan a Najeriya a 1984, BCEAO ma ta janye tsofaffin takardunta a 2004. Kuɗin da ke cikin asusu ba ruwansu da canjin takarda. Na cikin tukunya su ke shiga uku.

Banki yana tsare ka daga ɓarawo da wuta da canjin takarda. Game da tsada kuwa, rage zafi kawai yake yi. A Najeriya doka ta ce abin da banki zai ƙara wa asusun ajiya kada ya gaza kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin ruwan babban banki. A ƙarshen 2024 wannan ya kama wajen kashi 8 a shekara. Naira 100,000 ta zama 108,000, alhali kaya sun koma 134,800. Ƙarfin kuɗin ya zama kamar 80,000 na bara. Ya fi na akwati da ya koma 74,000, amma asara ce dai. Kuma in ka cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata ɗaya, ƙarin wannan watan ya faɗi. A ɓangaren sefa, littafin ajiya na banki yana ba da kashi 3.5 a shekara. In tsada ta tsaya a kashi 2 ko 3, kuɗinka sun riƙe ƙarfinsu. In ta kai 7 kamar 2022, an ɗan ci ka.

Da yawa cikin masu sauraronmu ba sa karɓar kuɗin ruwa. Akwai bankunan da ba sa aiki da ruwa, irin su Jaiz da Taj a Najeriya, da Bankin Musulunci na Nijar. Suna da asusun da ake juya kuɗin a kasuwanci a raba riba. Ribar ba a yanke ta tun farko ba, tana iya yawa tana iya kaɗan, don haka ka tambayi abin da suka raba bara ka gwada da tsadar bara.

To in bankin kansa ya faɗi fa? Akwai hukumar da ke biyan masu ajiya, amma tana da iyaka. A Najeriya, NDIC tun 2024 tana biyan har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a babban bankin kasuwanci, da miliyan 2 a ƙaramin banki na masu ƙaramin ƙarfi. Da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yuni 2024, masu ƙananan ajiya ta wannan hanya aka biya su. A ƙasashen sefa, asusun lamunin ajiya yana biyan har jika 1,400 a banki, da jika 300 a asusun ajiya da bashi na jama'a da ya shiga tsarin. Ba kowane ƙaramin asusu ne ke ciki ba. Saboda haka kafin ka zuba ko dala, ka yi tambaya biyu: ina takardar izininku, kuma kuna cikin lamunin ajiya? In kuɗinka sun wuce iyakar da ake biya, ka raba su wuri biyu. Ka kuma tuna da lokacin takunkumin 2023, sa'ad da bankunan Nijar suka taƙaita abin da mutum zai iya cira. Kuɗin ba su ɓace ba, amma ba sa fitowa ranar da ake so.

Ajiyar waya tana da kyau ga matafiyi. Ka sayar da bisa a kara, ka zuba kuɗin a waya, ka kama hanya ba ƙunshi a jikinka. Amma galibi ba ta haihuwa, kuma ana yankar kuɗin cirewa. Wurin kwana ne na 'yan makonni. Layin ya kasance da sunanka aka yi masa rajista, domin in wayar ta ɓace da takardar shaidarka za a mayar maka. Lambar sirri kuwa kada ka karanta wa mai shago ya danna maka, kada ka faɗa wa wanda ya kira ka ya ce daga kamfani yake. Kamfani ba ya tambayar lambar sirri.

Adashi yana koya wa mutum tsare hannu, wannan gaskiya ne. Amma a lokacin tsada wanda ya fara kwasa shi ya ci, na ƙarshe shi ya biya. Ku goma sha biyu kuna zuba naira 10,000 duk wata. Na farko ya ɗauki 120,000 ya sayi kaya a farashin yau. Na ƙarshe zai ɗauki 120,000 ɗin bayan wata goma sha ɗaya, lokacin da kaya suka riga suka tashi. Maganinsa a gajarta zagaye, a yi na mako-mako ko na wata huɗu, kuma a riƙa juya layi, wanda ya zo ƙarshe wannan karon shi zai fara a na gaba.

Hatsi da bisashe

Abin da ke bin tsada ya tashi tare da ita shi ne kaya. Shi ya sa kakanninmu suka ajiye dukiyarsu a rumbu da garke. Amma su ma da nasu maƙiyan.

Hatsin da iyalinka za su ci nan da wata takwas, in ka saye shi da kaka, ka fitar da wannan kuɗin daga bakin tsada gaba ɗaya. Maƙiyinsa danshi da ƙwari da ɓera. Hatsin ya bushe sosai, in ka ciza ya fashe ƙas. Wake da masara sun fi son buhun nan mai ruɓi uku da ake rubuta wa PICS, wanda ke da leda biyu a ciki: a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba. A ɗora buhunan kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. In leda ta huje, aikin ya lalace, don haka a riƙa dubawa. A garuruwa da yawa na Nijar akwai kuma tsarin warantaj: manoma su tara hatsi a sito mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wajen ƙungiya, ɗaya wajen asusun da ya ba da bashi, a ba mutum wani kaso na darajar hatsinsa ya yi sana'a, in ya biya ya ɗauki kayansa lokacin da suka yi tsada.

Amma a bambanta ajiyar ci da ajiyar jiran tsada. Hatsi ba kullum yake tashi ba. A 2025 farashin masara da shinkafa da gero ya sauko a kasuwannin arewacin Najeriya, waɗanda suka cika sito da tsada suna jiran riba suka tafka asara. Wanda ya sayi na cin gidansa bai rasa komai ba, tuwonsa na nan.

Bisa kuwa ta fi kowace ajiya, domin tana haihuwa, tana ba da nono. Sai dai tana ci, tana ciwo, ana sace ta. Babban aibinta shi ne tana faɗuwa daidai lokacin da ka fi buƙatarta. In ciyawa ta ƙare, kowa ya kawo ramammun bisashe kasuwa rana ɗaya, farashinsu ya faɗi, na hatsi ya tashi. Ragon da zai sayi buhu biyu da kaka, da ƙyar ya sayi ɗaya a ƙarshen bazara. Makiyayan Nijar sun ga haka a 1984, sun gani a 2005, sun sake gani a 2010 lokacin da shanu suka mutu da yawa. Wanda duk dukiyarsa ke kan ƙafa huɗu, fari ɗaya na iya mayar da shi baya shekara goma. Dabarar ita ce a sayar da tsofaffi da mazan da ba a buƙata tun suna da ƙiba, bayan damina, a mayar da wani kaso hatsi da abincin bisashe da kuɗin asusu.

Mu buga misali

Alƙaluman nan na misali ne, kowa ya sa farashin kasuwarsu a wurinsu. A ce makiyayi ne mai iyali a gefen Ɗan Isa. A watan Nuwamba ya kai bijimai biyu kasuwar Jibiya, bayan la'adar dillali ya tashi da naira 1,200,000. Ranar ana canza jika ɗaya naira 2,500, wato kuɗinsa jika 480 ne. Gidansa na cin buhu takwas na gero kafin sabo ya fito.

Hanya ta farko: ya ƙulle nairar a akwati har watan Yuli. A ce kafin nan jika ta koma naira 2,800. Kuɗinsa sun zama wajen jika 428, sama da jika 50 sun tafi wajen canji kawai. Gero da yake jika 22 da kaka ya koma 32, buhu takwas jika 256. Dusa da harawar da zai samu jika 70 da kaka, yanzu sai 100. In ka cire, abin da ya rage masa wajen jika 72 ne.

Hanya ta biyu: ya canza duka ranar, sau ɗaya, ya raba kuɗin bisa lokacin da zai buƙace su. Ya sayi gero buhu takwas jika 176, da buhunan ajiya jika 12. Ya sayi dusa da harawa jika 70. Ya ware jika 70 na ko-ta-kwana, saboda rashin lafiya ko tafiyar gaggawa: 20 a hannu, 50 a waya. Saura jika 152, su ne waɗanda ba zai taɓa ba sai bayan shekara. Ya sayi 'yan tumaki uku jika 90, ya ware jika 12 na allurar rigakafi da maganin tsutsa da gishiri, ya zuba jika 50 a littafin ajiya.

In Yuli ta zo, na biyu yana da abincin gida, bisashensa sun ci sun tsallake bazara, yana da jika 120 tsakanin hannu da waya da banki, ga tumaki uku wataƙila da ciki. Na farko jika 72 gare shi, ba ko tunkiya. Kuɗi ɗaya suka fara da shi.

Yanzu mu juya lissafin, don kada a ce mun zaɓi abin da ya yi mana daɗi. A ce shekarar naira ba ta motsa ba, gero kuma bai tashi ba. Na biyu me ya rasa? Kuɗin buhuna jika 12 da ɗan abin da ɗan canji ya yanka. A ce kuma tunkiya ɗaya ta mutu: jika 30, ba dukiyarsa duka ba. Amfanin rabawa ke nan. In abu ya ɓaci, gefe ɗaya yake ɓaci.

Ɗan kasuwa ma haka zai yi, da bambanci ɗaya. Ya riƙa auna jarinsa da kaya. In ka saro buhu 50 ka sayar da riba, amma kuɗin da ka tara buhu 46 kawai za su sake sarowa, to ba ka ci riba ba, jarinka ya ragu da buhu huɗu. Farashin sayarwa ya bi farashin da za ka sake sarowa gobe. Bashi mai tsawo kuma a lokacin tsada kyauta ce kake yi wa mai karɓa, domin kuɗin da zai mayar maka bayan wata shida ba su kai waɗanda ka ba shi ƙarfi ba.

Masu cewa kawo mu ninka maka

Duk lokacin da tsada ta matsa, sai masu alkawarin riba su fito, domin sun san mutane na neman mafita. MMM ta tsaya cak a Najeriya a watan Disamba 2016 da kuɗin jama'a. CBEX ta rufe a watan Afrilu 2025, aka bar mutane suna kuka a ƙofar ofisoshinta. Salonsu ɗaya ne: da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko, ranar da sababbi suka ƙare, shi ke nan.

Alamominsu ba sa ɓoyuwa. Ana yanke maka riba mai yawa tun kafin a yi cinikin, kamar kashi 20 ko 30 a wata, ko a ce za a ninka. Ana ba ka lada in ka kawo wani. In ka tambayi me ake saye me ake sayarwa, amsar ba ta fita. Ana gaggauta ka, wai gobe za a rufe. Kuma in ka zo cire kuɗinka sai a ce ka ƙara wani abu tukuna. Ganin maƙwabcinka ya karɓi riba sau biyu ba hujja ba ce, da irin wannan ake jawo na uku. Ka yi wa kanka lissafi: saniya sai ta yi wata tara kafin ta ba ka maraƙi ɗaya, wace sana'a ce za ta ninka kuɗi cikin wata guda? Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Kafin mako mai zuwa, ga aikin da muka bar wa kowa. Ranar kasuwa ka tambayi farashin tiyar gero da na canjin jika, ka rubuta ko ka sa yaro ya rubuta maka a bayan littafi tare da kwanan wata, sannan ka lissafa tiya nawa ajiyarka za ta saya. Ka sake yi bayan wata uku. In adadin tiya na raguwa, to kuɗin sun daɗe a wurin da bai dace da su ba. Masu tambaya kan buɗe asusu da takardun da ake nema a kowane ɓangaren iyaka, su aiko, da su za mu buɗe shiri na gaba. Allah ya tsare garke, ya sa albarka a kasuwa. A huta lafiya.